Kuɗin Cizo a Gidan Haya: Wa Zai Biya Mai Feshi?

Kunya ce ke hana 'yan haya da yawa faɗa wa mai gida cewa kuɗin cizo ya addabe su, don gudun kada a ce ƙazanta ce. Alhali ƙwaron nan jini yake bi, ba ruwansa da tsaftar ɗaki. Shirun kuwa shi ke jawo rigima daga baya, domin in an daɗe, ba wanda zai iya cewa ga inda ya fito.

Kafin ka yi magana, ka tabbatar. Ɗaga katifa ka duba bakin ɗinkinta da mahaɗar katakon gado. In ka ga baƙaƙen ɗige-ɗige, da ɗigon jini a zanen gado, da fatar da ƙwaron ya saɓule, to shi ne. Ka ɗauki hoto, ka aika wa mai gida ko wakilinsa saƙo a rubuce: "Alhaji, barka da war haka. Kwanana biyar da tarewa na tarar da kuɗin cizo a tsagar bangon ɗaki, ga hotuna. Don Allah wa zai kira mai feshi, kuma yaya za a yi da kuɗin aikin?"

In takardar yarjejeniyar haya ta ambaci feshi, magana ta ƙare. In ba ta ambata ba, abin da ya fi adalci shi ne a bi asalin ƙwaron. Wanda ya tarar da shi a makon farko, cikin tsagar bango ko silin, nauyin yana kan mai gida, har da liƙe tsagar. Wanda kuwa ya shekara lafiya sai bayan ya sayo gadon gwanjo abin ya ɓullo, shi zai biya.

A gidan yawa lissafin daban ne. A ce ɗakuna huɗu ne a jere, uku sun kamu. Feshe ɗaki ɗaya asarar kuɗi ce, domin ƙwaron zai bi bango ya koma maƙwabta. Sai a feshe huɗun rana guda, 'yan haya su raba ladan aikin, mai gida ya ɗauki gyaran bango. A kuma sa zuwa na biyu cikin cinikin, bayan kamar mako biyu, saboda ƙwan yakan tsallake feshin farko ya ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10.

Kada ɗan haya ya yi gaban kansa ya biya, sannan ya zabtare daga kuɗin haya ba da amincewar mai gida a rubuce ba. Kada kuma neman araha ya sa a ajiye ƙwayar maganin adana hatsi a ɗakin kwana: iskar da take fitarwa tana ratsawa ɗakin maƙwabci, tana kuma kisa. In mai gida ya yi kunnen uwar shegu, a kai hotunan da saƙon gaban mai unguwa ko jami'an duba-gari.