Majigin hotunan suna: wa ke gaba, sakan nawa, me za a rubuta a ƙasa

A Maraɗi da Damagaram, har ma da Yamai, an fara sabawa da ganin talabijin a tsakar gida da yammacin ranar suna, hotunan jariri da na dangi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Masu Faransanci na ce masa diyaporama, wasu kuma majigin hotuna. Galibi wani matashi a gidan ake ɗora wa aikin, a waya ko a kwamfuta. Haɗa shi ba wuya. Inda ake samun ɓacin rai shi ne lokacin da kakar jariri ta ga hotonta ya zo bayan na abokan aikin uba, ko aka rubuta wa uwargida sunanta tsirara alhali an sa wa amarya "Hajiya".

A ɗauka an haifi ɗiya mace ranar Talata, suna ya kama Talata mai zuwa, kuma dangi sun turo hotuna 140 ta WhatsApp. Aikin farko shi ne zubarwa. Hotuna 35 zuwa 40 sun isa, domin a cikin 140 ɗin nan rabi maimaici ne: jariri ɗaya, zane ɗaya, an ɗauka sau shida. Wanda ya yi dishi-dishi a waya zai fi muni a babban allo. Hoton maijego a gadon asibiti kuwa, ko wanda ba ta yafa mayafi ba, ba ya shiga sai ita da kanta ta gani ta yarda, don majigin ba ya tsayawa a tsakar gida, washegari yana wayoyin mutanen da ba ta sani ba.

Jerin da ya fi sauƙin bi shi ne na kwanaki: haihuwa, dawowa gida, ƴan barka, shirye-shiryen jajibiri, sannan safiyar suna da addu'a da rabon goro da dabino da yankan rago. Amma kada a bar wa na'ura ta jera da kanta. Hoton da ya biyo ta WhatsApp yakan zo da suna irin `IMG-20240312-WA0007.jpg`, kuma kwanan watan da ke ciki na ranar da ya iso wayar ne, ba na ranar da aka ɗauke shi ba. Hoton ranar haihuwa da gwaggo ta turo a kwana na shida zai faɗa tsakiyar hotunan jajibiri. Maganinsa a sake wa kowane hoto lamba da hannu, `01`, `02`, `03` har zuwa `36`. Sifilin nan na gaba yana da amfani, domin talabijin da yawa, in aka sa musu kile USB, suna kawo 10 da 11 kafin 2.

A cikin kowane kashi kuma girma ne ke yanke hukunci. Kakanni kafin iyaye, iyaye kafin ƴan'uwansu, dangi kafin abokai. Dangin uba da na uwa su samu rabo kusan ɗaya. In ɓangare guda yana da hotuna 12, ɗayan yana da 3, mutane za su ƙirga, ko da ba su faɗa ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, a bi tsarin shigowarsu, kuma kowace ta samu hoto ɗaya mai kyau tana riƙe da jaririyar. Sunan jaririyar ya zo can kusa da ƙarshe, bayan hoton addu'a. Tunda sai da safiyar rana ta bakwai ake raɗa shi, mai haɗawa ya gama komai tun daren jajibiri, ya bar gurbin shafin suna da na hotunan safiya biyar ko shida, ya cike su kafin azahar.

Kan lokaci, hoton fuska ɗaya da ɗan gajeren rubutu sakan 4 ya ishe shi. Na taron mutane yana son sakan 7, saboda masu kallo suna neman fuskokinsu kafin su karanta abin da ke ƙasa. A misalin nan, in an tsaya kan hotuna 36: guda 22 a sakan 4 sun ba da sakan 88, guda 13 a sakan 7 sun ba da 91, hoton jaririya da sunanta ya tsaya sakan 10, sai shafin buɗewa da na godiya sakan 5 kowane. Jimla sakan 199, wato minti 3 da ƴan kai. Ya isa haka. A wurin biki ba wanda ke zama ya ƙura wa allo ido minti 10, ana gaisawa ana raba abinci, gara gajere da zai yi ta maimaita kansa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ba wani dattijo ko yaron firamare ya karanta rubutun da ƙarfi. In hoto ya wuce bai gama ba, a ƙara sakan 2 ko a rage kalmomi. A PowerPoint na Faransanci, a shafin `Transitions` ake sa lokacin a gurbin `Après`, a danna `Appliquer partout`, daga baya a koma a ƙara wa hotunan taro. Salon sauyawa guda ɗaya, `Fondu`, ya wadatar. Hotuna masu juyi da tsalle suna gajiyar da ido.

Rubutun ƙasan hoto shi ne ya fi cin hankali, kuma doka ɗaya ce ke warware yawancin rikicinsa: a kira kowa da dangantakarsa da jaririyar, ba da mai haɗa majigin ba. Mutumin da matashin ke ce wa Baba, a allo "kakanta na wajen uba" ne. Ƙanwar maijego "innarta" ce, ƙanwar uba "gwaggonta", ɗan'uwan uwa "kawunta". In aka fara da wannan, aka koma "yayana" a hoto na 15, baƙi sun ɓace. Tsarin ma ya zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe: laƙabi, suna, dangantaka, gari in daga nesa aka zo. Misali, "Hajiya wance, kakarta ta wajen uwa, daga Tawa". In an sa wa mutum ɗaya Alhaji ko Malam, duk mai irin laƙabin a sa masa. Wannan tsari yana taimaka wa alkunya ma, don a gidan da ba a son ganin sunan suruki ƙuru-ƙuru a allo, "Kakanta" kaɗai ya isar. Idan an mayar wa jaririya sunan kakarta, a tambayi iyaye ko za a haɗa da sunan da za a riƙa kiranta da shi a gida. Wanda ya rasu kuma, in an sa hotonsa, a rubuta "marigayi" ko "marigayiya" da "Allah ya jiƙan rai", a ba shi sakan 7 ko da shi kaɗai ne a hoton. Haka ake yi a majigin tunawa da mamaci, sai dai can dangantakar kowa da mamacin ake rubutawa, jerin kuma ya bi shekarun rayuwarsa.

Akwai matsalar da ta fi damun ƴan Nijar: rubutu iri biyu. Aïchatou ko A'ishatu, Ousmane ko Usman, Elhadj ko Alhaji? Takardun haihuwa da salon Faransanci suke, dangin da ke Katsina ko Daura kuma ɗayan suka saba gani. Kowanne aka zaɓa daidai ne, muddin ba a gauraya ba. Sunan jaririyar dai ya fi kyau a rubuta shi yadda uban zai sa a takardar haihuwa, don haka a tambaye shi harafi da harafi.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wasu salon rubutu na ado ba su da su, sai "ɗiya" ta fito da ɗan akwati a madadin harafin farko. Noto Sans da Andika suna ɗauke da su duka. Rubutun ya zama fari a kan baƙin layi, a wuri ɗaya a ƙasan kowane hoto, layi biyu iyaka. Idan an gama, a fitar da aikin a matsayin bidiyo MP4, domin a nan rubutu da lokaci ba sa sauyawa daga na'ura zuwa na'ura. A gwada shi a talabijin ɗin da za a yi amfani da shi, daga nesan da baƙi za su zauna, a kuma ajiye kwafi a waya mai caji ko da wuta za ta ɗauke.