Gurbin da Tableau ke bari babu komai, da sifilin da ke ruɗin mai shago

Tableau manhaja ce da kamfanoni da ma'aikatu ke zuba wa alƙaluma, ita kuma ta fitar da jadawali da zane. Mai aiki da ita yakan rubuta nasa lissafin, kamar a raba riba da ciniki don a ga kason riba. Idan abin da za a raba da shi sifili ne, ko ba a cike gurbinsa ba, manhajar ba ta yin ƙorafi. Sai ta ba da `Null`, wato babu amsa, gurbin ya zauna wayam.

A ɗauka ɗan kasuwa yana da shaguna uku. Na farko ya yi cinikin naira 200,000 da ribar 40,000, kashi 20 cikin ɗari ke nan. Na biyu ya yi cinikin 100,000 da ribar 10,000, kashi 10. Na uku a rufe yake duk watan, don haka gurbinsa babu komai. Da yawa ba sa son ganin wannan gurbi a rahoton da za su kai wa maigida, sai su lulluɓe lissafin da `ZN`, wadda ke mayar da `Null` sifili.

A ganina nan ɓarnar take. `AVG` tana tsallake `Null`, amma tana ƙirga sifili. Matsakaicin shagunan da ya kasance kashi 15 sai ya faɗo zuwa 10, alhali ko kwabo bai canza ba. Su biyun ma ba su ne ainihin kason ba, domin shagon da ya fi ciniki ya fi nauyi. Daidai shi ne a tara riba, a tara ciniki, sannan a raba: 50,000 bisa 300,000, kusan kashi 16.7.

```
IF SUM([Ciniki]) <> 0
THEN SUM([Riba]) / SUM([Ciniki])
END
```

Da yake ba a sa `ELSE` ba, shagon da ke rufe zai ci gaba da zama ba amsa, kuma gaskiyarsa ke nan.

Akwai inda `ZN` take da amfani. Idan ana samo riba ne ta `[Ciniki] - [Kashewa]` a kowane layi, to layin da ba a rubuta kashewarsa ba zai ba da `Null` gaba ɗaya. Ribarsa ta fita daga jimla, cinikinsa kuwa yana nan a ƙasa, sai kason ya ragu ba tare da wani gurbi ya tona asiri ba. Maganin shi ne `[Ciniki] - ZN([Kashewa])`, amma fa sai an tambayi mai riƙe da littafin shagon tukuna: ba a kashe komai ba ne ranar, ko mantawa aka yi ba a rubuta ba? In mantuwa ce, sifilin zai kumbura ribar ne kawai.