Yadda Ake Karanta Littafin Oda A Kasuwar Hannun Jari

Tun daga shekarar 1999, lokacin da kasuwar hannun jari ta Nijeriya da ke Legas ta daina cinikin baki da baki ta koma ciniki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, duk odar saye ko ta sayarwa da dillali ya shigar, idan ba ta sami abokin ciniki nan take ba, tana shiga layi ne ta jira. Wannan layi shi ake kira littafin oda. A kasuwar, wadda tun 2021 ake kira NGX, kowane kamfani yana da nasa littafi mai ɓangare biyu. Ɓangare ɗaya na masu tayi ne, wanda ya fi taya kaya da tsada shi ne a sama. Ɗaya ɓangaren kuwa na masu sayarwa ne, wanda ya fi sauƙin farashi shi ne a sama. Idan mutum biyu suka zo da farashi ɗaya, wanda ya riga shiga layi shi ake fara sallama.

Abubuwa biyu masu lura da kasuwa suke aunawa a wannan littafi, watau zurfi da rinjaye. Zurfi shi ne yawan hannun jarin da ke jira a farashin da ke kusa da na ciniki. Rinjaye kuwa shi ne yadda ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

A ɗauki misalin wani kamfani da ake cinikin hannun jarinsa a wajen Naira 20. A ɓangaren masu saye akwai tayin hannun jari 60,000 a kan N20.00, da 90,000 a kan N19.95, da 150,000 a kan N19.90, jimla 300,000. A ɓangaren masu sayarwa akwai 20,000 a kan N20.05, da 30,000 a kan N20.10, da 50,000 a kan N20.15, jimla 100,000 ke nan.

Amfanin zurfi yana fitowa fili ne idan babban mai ciniki ya shigo. Wanda yake son sayen hannun jari 100,000 nan take zai kwashe dukan matakai ukun da ke ɓangaren sayarwa, ya biya N2,011,500. Da a ce duk ya same su a kan N20.05, da N2,005,000 zai biya, saboda haka ƙarancin kaya ya ci masa N6,500, ya kuma tura farashi zuwa N20.15. Amma wanda yake son sayar da 100,000 zai sallama 60,000 a kan N20.00 da 40,000 a kan N19.95, ya karɓi N1,998,000. Hasararsa N2,000 ce kawai, farashi kuma mataki ɗaya ya sauka. Wannan ya nuna cewa a littafin nan hawan farashi ya fi saukarsa sauƙi.

Shi kuwa rinjaye, ana fitar da shi da ɗan lissafi: (saye − sayarwa) ÷ (saye + sayarwa). A misalin da ya gabata, an cire 100,000 daga 300,000, aka raba 200,000 da 400,000, aka sami 0.5. Amsar ba ta wuce 1, ba ta kuma gaza −1. Idan tana kusa da sifiri, ɓangarorin sun yi daidai. Idan ta doshi 1 masu saye sun yi rinjaye, idan ta doshi −1 kuwa masu sayarwa ne suka yi yawa. Dalilin da ya sa wannan lamba take nuna inda farashi zai iya karkata a fili yake: layin da ya fi gajarta shi ne yake saurin ƙarewa, da zarar ya ƙare kuma farashi ya matsa zuwa mataki na gaba.

Sai dai wannan alama ba ta da dogon rai. Abin da take faɗa ya shafi daƙiƙoƙi ko 'yan mintocin da ke tafe ne, ba farashin mako mai zuwa ba, domin ba ta san ribar kamfani ko bashin da ke kansa ba. Don haka wurin da ta dace shi ne tsarin sa ido na yau da kullum, inda za ta riƙa jawo hankali, ba ta yanke hukunci ba.

Irin wannan tsari yana iya kasancewa kamar haka. Mai lura zai zaɓi matakan farashi uku ko biyar a kowane ɓangare, ya tsaya a kansu kullum, don ya iya kwatanta yau da jiya. Duk bayan minti biyar zai rubuta jimlar saye, da jimlar sayarwa, da lambar rinjaye, da tazarar da ke tsakanin tayi mafi tsada da sayarwa mafi sauƙi, wadda a misalin nan kobo 5 ce. Bayan mako biyu ko uku zai san abin da kamfanin ya saba da shi, sa'an nan ya sa iyaka. Alal misali, yana iya cewa ba zai ɗauki rinjaye da muhimmanci ba sai ya wuce 0.4 sau uku a jere. Wannan iyaka ba doka ba ce. Ta babban banki da ake cinikinsa dukan yini ba za ta yi wa ƙaramin kamfanin inshora ba, inda oda ɗaya take iya juya lambar.

Babban haɗarin shi ne, oda alkawari ce da mai ita yake iya janyewa kafin a yi ciniki. A misalin nan, rabin nauyin masu saye yana kan tayin 150,000 da ke N19.90. Idan na mutum ɗaya ne ya janye shi, saura 150,000 a gaban 100,000, rinjaye ya faɗo daga 0.5 zuwa 0.2 ba tare da an sayar da hannun jari ko ɗaya ba. Wasu da gangan suke girke manyan oda don su ruɗi jama'a, su soke su idan farashi ya matso. Amurka ta haramta wannan a fili cikin dokar Dod-Faranki ta 2010, kuma a 2020 bankin JPMorgan ya amince ya biya kimanin dala miliyan 920 kan irin wannan laifi a kasuwannin ƙarafa masu daraja da takardun bashin gwamnati.

Ana gane odar yaudara ta hanyar kwatanta littafi da cinikin da aka yi a zahiri. Idan rinjayen gaskiya ne, za a ga ana ta ciniki a farashin masu sayarwa, layinsu yana raguwa, masu tayi kuma suna ƙara kuɗi. Idan kuwa babbar oda tana ja da baya duk lokacin da farashi ya kusance ta, ko ta ɓace ta sake bayyana da adadi ɗaya, bai kamata a dogara da ita ba. Haka kuma idan ana ta saye a kan N20.05 amma 20,000 ɗin nan ba ya ƙarewa, to akwai babban mai sayarwa da ke fito da kayansa kaɗan-kaɗan, littafin bai nuna ainihin nauyinsa ba.

Akwai kuma lokutan da lambar ba ta da ma'ana. A kasuwar Legas hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini ɗaya. Idan ya kai iyakar sama masu sayarwa sukan janye, lambar ta zama 1, alhali farashi ba zai ƙara hawa ba a ranar. Farkon buɗe kasuwa da dab da tashi ma oda sukan yi ta shiga da fita, saboda haka ya kamata a ware alƙalumman waɗannan lokuta daban.

Ga ɗan kasuwar da zai ba dillalinsa umurnin sayen kaya mai yawa, amfanin wannan lura shi ne ya san ko littafin zai ɗauki odarsa. Idan ɓangaren da zai ci ba shi da zurfi, gara ya raba odar gida-gida, ya kuma yanke wa dillali farashin da ba zai wuce ba.