Yadda ake mayar da sakin layi ɗaya na labari ya zama umarnin hoton fim

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa bidiyo daga rubutu, irin su Veo na kamfanin Google da Runway, gajeren bidiyo suke fitarwa, galibi na daƙiƙa 5 zuwa 10. Shi kuwa sakin layi ɗaya na labari yana iya ɗaukar shekaru. Saboda haka duk wanda ya kwafi sakin layin yadda yake ya liƙa wa manhajar, abin da yakan samu shi ne cakuɗeɗɗen hoto. Dole a zaɓi lokaci guda daga cikin labarin kafin a rubuta umarni.

Ga sakin layi da aka shirya domin misali:

"Shekara uku ke nan da tafiyar mijinta Libiya, ko saƙo babu. Da aka ce mata an gan shi a Agadez, Hadiza ta dama fura tun da asuba ta nufi tashar Damagaram. Tana zaune tana tunanin bashin gero da gorin da surukarta ke mata. Da la'asar motar ta iso, fasinjoji suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Yaron mota ya rufe ƙofa. Nan ta gane ba ya ciki."

Akwai lokuta huɗu a nan: shekarun jira, asuba, saukar fasinjoji, da rufe ƙofa. Tambayar da za a yi ita ce, a wane ne daga cikinsu ido zai ga abin da ke zuciyar matar ba tare da an faɗa masa ba? Zaman jiran ba ya nuna komai sai mace a zaune. Saukar fasinjoji tana da motsi, amma har lokacin tana sa rai, kuma taron jama'a na cikin abubuwan da manhajojin nan suka fi ɓatawa: fuskoki su narke cikin juna, hannu ya fito da yatsu shida. Rufe ƙofar ne ya yanke maganar, don haka shi za a riƙe.

Daga nan sai zubarwa. Sunan Hadiza ya tafi, domin suna ba ya nuna kama. Libiya, bashin gero da surukar duk sun tafi, tun da kyamara ba ta ɗaukar tunani. Idan aka ambaci surukar ma, da wuya manhajar ba ta tsayar da wata tsohuwa a tashar ba. Haka allon da ke ɗauke da sunan Agadez a gaban mota, gara a bar shi, saboda rubutu a cikin hoto yakan fito a karkace.

Abin da ya fi wuya shi ne jimlar ƙarshe, wadda ita ce ran labarin, amma ba a ganin ta. Idan aka rubuta cewa matar tana baƙin ciki, manhajar za ta kawo fuska da hawaye shaɓe-shaɓe, alhali macen da ke cikin labarin ba za ta yi kuka a bainar jama'a ba. Mafita tana cikin furar. Ta riƙe kwanon a ƙirji domin ta miƙa wa mijinta, yanzu kuma hannuwanta sun yi sanyi, kwanon na sauka a hankali. Wannan motsi ɗaya ya ɗauke nauyin shekara ukun.

Sai kuma ƙarin abin da marubuci bai rubuta ba. Mai karatu Bahaushe ya san tasha, ya san zane da mayafi. Manhajar kuwa idan aka ce mata tasha kawai, tana iya kawo ta Turai mai gilashi da siminti. Tilas a faɗi yankin, da sutura, da irin hasken, da nisan kyamara. Tun da manhajojin sun fi gane Faransanci da Ingilishi a kan Hausa, ga umarnin da Faransanci:

```
Plan rapproché taille, fixe, 16:9. Gare routière au Sahel, fin d'après-midi,
poussière d'harmattan. Une femme d'une trentaine d'années, pagne
indigo et long voile, tient un bol émaillé couvert. Derrière elle,
floue, la porte d'un autocar vide se referme. Elle abaisse
lentement le bol.
```

Wato kyamara a tsaye, tana ɗaukar matar daga ƙugu zuwa sama, da la'asar cikin ƙurar hunturu, ƙofar motar na rufewa dishi-dishi a bayanta, ita kuma tana sauke kwanon. An rubuta cewa motar wayam take, maimakon a ce babu fasinjoji, domin manhajojin sukan kawo duk abin da aka ambata ko da an kore shi.

Idan bidiyon ya fito matar ta tashi tana tafiya, ko kwanon ya sauya kama a tsakiya, alama ce motsi ya yi wa daƙiƙun yawa. Sai a cire rufewar ƙofar, a rubuta cewa ta riga ta rufu, a bar saukar kwanon kaɗai.