Lissafin da Jimillarsa Ke Canzawa Idan Aka Sauya Masa Tsari

Duk ɗan firamare ya san cewa ko ta ina aka fara tara 3 da 5 da 2, goma za a samu. Wannan doka ba ta da tangarɗa muddin lambobin suna da iyaka. Amma idan jeri ne wanda ba ya ƙarewa, akwai inda take rushewa, kuma daga nan ne masana lissafi suka raba jerin da ke natsuwa gida biyu: mai cikakkiyar natsuwa da mai natsuwa bisa sharaɗi.

Ana cewa jeri ya natsu idan jimillar da ake samu mataki-mataki tana ƙara kusantar wani adadi guda. Ɗauki wannan:

1 − 1/2 + 1/3 − 1/4 + 1/5 − 1/6 + …

Idan ka bi shi a hankali za ka samu 1, sai 0.5, sai 0.833, sai 0.583, sai 0.783, sai 0.617. Yana hawa yana sauka, amma tazarar tana raguwa, kuma inda ya dosa shi ne ln 2, wato kusan 0.693. Jerin ya natsu ke nan.

To, yanzu share duk alamun ɗebewa, ka mayar da komai tarawa: 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + … Ido zai ce maka wannan ma zai tsaya, tunda lambobin ƙanƙancewa suke yi. Ba ya tsayawa. Tun a ƙarni na 14 wani malami Bafaranshe, Nicole Oresme, ya nuna dalili. Haɗa 1/3 da 1/4, sun fi rabi. Haɗa huɗun da ke biye, daga 1/5 zuwa 1/8, su ma sun fi rabi, domin kowannensu ya kai 1/8 ko ya fi. Takwas na gaba haka, goma sha shida na gaba haka. Rabi bisa rabi ba iyaka, babu adadin da jimillar ba za ta wuce ba.

Saboda haka jerinmu na farko ya natsu ne kawai don tarawa da ɗebewa suna cin juna. Irin wannan shi ne mai natsuwa bisa sharaɗi. Kwatanta shi da 1 − 1/4 + 1/9 − 1/16 + …, inda ƙasan kowane kaso lamba ce da aka ninka da kanta. Ko an share alamun ɗebewa, wannan yana tsayawa kan π²/6, kusan 1.645, kamar yadda Leonhard Euler ya gano a shekarun 1730. Jerin da ya natsu ko da an cire masa alamun ɗebewa shi ne mai cikakkiyar natsuwa, kuma an tabbatar cewa duk irinsa yana natsuwa da alamunsa ma.

Wani zai ce, tunda duka biyun sun natsu, mene ne na rarrabewa? A nan abin yake da daɗi. Koma kan jerin farko, kada ka ƙara ko ka rage ko lamba ɗaya, tsari kawai za ka sauya: bayan kowace ta tarawa guda, ka kawo na ɗebewa biyu.

1 − 1/2 − 1/4 + 1/3 − 1/6 − 1/8 + 1/5 − 1/10 − 1/12 + …

Cire 1/2 daga 1, saura 1/2. Cire 1/6 daga 1/3, saura 1/6. Cire 1/10 daga 1/5, saura 1/10. Jerin ya koma 1/2 − 1/4 + 1/6 − 1/8 + 1/10 − …, kuma kowace lamba a nan rabin takwararta ce a jerin asali. Jimilla ta faɗo daga 0.693 zuwa kusan 0.347, alhali lambobin su ne dai, babu wadda ta ɓace.

Dalilin shi ne, a jeri mai sharaɗi, lambobin tarawa su kaɗai ba su da iyakar jimilla, na ɗebewa ma haka. Kamar ɗan kasuwa ne da kuɗin shigarsa ba sa ƙarewa, bashin da ake binsa ma ba ya ƙarewa: abin da za a gani a aljihunsa ya dogara da yadda yake jera karɓa da biya. Bernhard Riemann, Bajamushe, ya kai maganar ƙarshe a wani aiki da ya rubuta a 1854, inda ya nuna cewa irin wannan jeri ana iya jera shi ya ba da duk adadin da aka ga dama. Kana son 5? Yi ta ɗiban na tarawa har ka haura 5, ka ɗebi na ɗebewa har ka sauko ƙasa da 5, ka sake hawa. Tunda lambobin ƙanƙancewa suke yi, hawa da saukar za su matse a kan 5. Jeri mai cikakkiyar natsuwa kuwa, kamar yadda Dirichlet ya nuna a 1837, duk yadda aka juya shi jimillarsa ba ta motsi. A ganina wannan shi ne ainihin amfanin rarrabewar: tana gaya maka jerin da za ka iya sarrafawa hankali kwance, da wanda dole ka bar shi yadda ka same shi.

Idan aka ba ka jeri aka ce ka faɗi ajinsa, fara da duba ko lambobin suna dosar sifili. A jerin 1/2 − 2/3 + 3/4 − 4/5 + … girmansu 1 yake dosa, don haka bai natsu ba sam, magana ta ƙare.

Idan suna dosar sifili, share alamun ɗebewa ka gwada abin da ya rage. Ma'aunin da aka fi jingina da shi shi ne jerin 1/n^p, wanda ke natsuwa idan p ya fi 1, ba ya natsuwa idan p bai wuce 1 ba. Akwai kuma gwajin rabawa: ka raba kowace lamba da wadda ta gabace ta, ka ga inda sakamakon ya dosa. A jerin 1/2 − 2/4 + 3/8 − 4/16 + … rabawar tana ba da 1, sai 0.75, sai 0.667, sai 0.625, tana gangarawa zuwa rabi. Tunda inda ta dosa bai kai 1 ba, natsuwar cikakkiya ce. Da ya haura 1, da jerin bai natsu ba, da alamu ko babu. Sai dai a kula, idan ya dosa 1 daidai, gwajin bai ce komai ba. Jerin 1/n da na 1/n² duka 1 suke bayarwa, ga shi ɗaya ya natsu ɗaya bai natsu ba.

Sai idan jerin da aka share wa alamu ya ƙi natsuwa ne ake komawa ga gwajin Leibniz. Yana neman abu uku: alamu su riƙa karɓa-karɓa, girman lambobi ya riƙa raguwa a kowane mataki, kuma ya dosa sifili. Gwada 1 − 1/√2 + 1/√3 − 1/√4 + … Ba tare da alamu ba, p rabi ne, bai kai 1 ba, don haka babu cikakkiyar natsuwa. Amma sharuɗɗan uku sun cika, saboda haka mai natsuwa bisa sharaɗi ne.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne sharaɗin tsakiya, domin da sun ga alamu na karɓa-karɓa kuma lambobi na dosar sifili sai su yanke hukunci. Dubi 1 − 1 + 1/2 − 1/4 + 1/3 − 1/9 + 1/4 − 1/16 + … Alamu daidai, sifili ake dosa, amma daga 1/4 an hau zuwa 1/3, daga 1/9 an hau zuwa 1/4. Na ɗebewa gaba ɗayansu ba su wuce 1.645 ba, na tarawa kuwa jerin Oresme ne da ba shi da iyaka. Wannan jeri bai natsu ba ko kaɗan.