Yadda Ake Taƙaita Dogon Labari

A ce an miƙo maka dogon rahoto kan sauya fasalin naira na 2022. A ciki akwai jawabin Godwin Emefiele, da koken 'yan kasuwa, da tarihin kuɗin ƙasar. Kafin ka ɗauki alƙalami, nemo abin da ya faru sabo, domin sau da yawa yana can tsakiyar rahoton a binne.

Kanun labari na ɗaukar mai aiki da aikinsa kawai: "Babban Bankin Najeriya zai sauya fasalin naira." Jimla ɗaya kuma sai ta ƙara waɗanne takardu da yaushe: "Bankin ya ce sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 za su fara yawo ranar 15 ga Disamba, 2022."

A sakin layi ne dalili ke shigowa: bankin ya ce yawancin kuɗin na hannun jama'a, ba a bankuna ba, kuma tsofaffin takardun za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023. Kada wajen rage kalmomi ka yar da "ya ce", don da zarar ta faɗi, iƙirarin banki ya koma maganarka. Tarihin naira kuwa, a bar shi a dogon rahoton.