Yadda Ake Sauya Rubutun Riga A Hoto Ya Bi Lanƙwasar Yadi

Idan sallah ta gabato, ƙungiyoyin matasa a zangunanmu kan so ganin samfurin rigarsu a hoto kafin su biya kuɗin bugawa. Mai zane sai ya ɗauki hoton tsohuwar riga, ya ɗora sabon take. Nan take ido ke gane aikin gaggawa: riga ta yamutse, rubutu kuwa yana miƙe sambal kamar an manna takarda.

Abin da nake amfani da shi a Photoshop shi ne Displace. Yana karanta hasken wani hoto da ake kira taswira, ya ture rubutun daidai da shi. Inda taswirar ta yi fari, rubutu ya matsa sama da hagu. Inda ta yi baƙi, ya matsa ƙasa da dama. Launin toka na tsakiya ba ya motsa komai.

Tun kafin a kai nan ake yawan ɓata aikin. Dole a fara goge tsohon rubutu, da Content-Aware Fill ko Clone Stamp, sannan a yi taswira. Idan an bar shi, manhajar za ta ɗauki tsofaffin haruffa a matsayin lanƙwasa, sai ka ga inuwarsu tana karya sababbin.

A ce farar riga ce, faɗin hoton 2000 px, za mu rubuta "Ƙungiyar Matasan Zango". Bayan gogewa, nakan yi Image > Duplicate, in cire launi da Desaturate, in sa Gaussian Blur kamar 3 px don saƙar zare ta ɓace, lanƙwasa kaɗai ta rage. Sai in ajiye shi a PSD ba tare da rage girmansa ba. Daga nan in koma ainihin hoton, in mai da rubutun Smart Object, in shiga Filter > Distort > Displace, in bar 10 da 10, in zaɓi taswirar.

To, yaya za ka san ya yi yawa? Ni lanƙwasar saman Ƙ nake dubawa, don siririya ce, ita ke fara lalacewa. Idan ta tsinke ko gefen haruffa ya yi zarto, rage zuwa 5 ko ƙara dusashe taswirar. A ƙarshe sa Multiply, inuwar yadi ta ratso rubutun.

Baƙar riga ta fi gardama. Taswirarta duhu ce kusan duka, don haka rubutun gaba ɗaya zai zame ƙasa, sai an haska ta da Levels. Multiply ma haɗiye rubutun yake yi, gara Screen. Inda kuma yadi ya naɗe ya rufe wani sashe, Displace ba ya ɓoye harafi. Da hannu za ka share wannan ɓangaren.